Idan aka tambaye ka albashin da kake so



Duk wanda ya taɓa shiga Tsohuwar Kasuwa ta Sakkwato domin sayen fata ko yadi ya san kalmar da mai kaya yake faɗa idan tayi bai kai ba. Ba ya zagi, ba ya ɗaure fuska, ba ya kuma yin dogon bayani kan kuɗin mota da na haya. Sai ya ce, "Albarka." A cikin wannan kalma guda ya yi wa mai saye addu'a, ya kuma ƙi sallama masa. Ban san wata kalma da ta haɗa ladabi da tsayuwa a kan magana kamar ta ba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, ɗan wannan mai kayan, wanda ya tashi yana jin ta kullum a bakin mahaifinsa, ya je Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya yi digiri, ya yi hidimar ƙasa, amma ranar da wani kamfani ya aiko masa da saƙo da Turanci yana tambayar nawa yake so a biya shi, sai ka ga ya sallama kansa tun kafin a taya.

Saƙon yakan zo ne a gajarce, ta imel ko ta waya, daga jami'in ɗaukar ma'aikata da ke zaune a Legas ko Abuja. Galibi layi ɗaya ne: "Kindly state your current and expected salary." Wato ka faɗi abin da ake biyan ka yanzu da abin da kake sa rai. Amsoshin da matasanmu suka fi bayarwa guda biyu ne, kuma na ga irinsu da yawa. Wani ya rubuta "Anything you offer is fine, sir," wani kuma ya rubuta kalma ɗaya tak, "Negotiable." Na farko yana jin ya nuna tarbiyya, na biyu yana jin ya yi dabara. A wajen wanda ya karanta saƙon kuwa, dukkansu abu ɗaya suka faɗa: ban san kuɗin aikina ba, ku yanka mini.

Na san daga inda wannan ya samo asali. An rene mu da kunya da kara, an koya mana cewa yaro ba ya yi wa babba ciniki, kuma faɗin kuɗi da baki kwaɗayi ne. Amma wannan tarbiyyar ta zaman gida ce da zumunci. A babin ƙwadago, malamanmu na fiƙihu ba su bar wurin kunya ba. Duk ɗalibin da ya karanta babin ijara a Risala ya san cewa sai an ambaci lada an kuma san aikin ko wa'adinsa kafin ƙulla yarjejeniya ta inganta. Ko a ƙissar Annabi Musa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da dattijon Madyana, an faɗi adadin shekarun aiki ƙarara kafin a fara. Saboda haka wanda ya ambaci albashin da yake so bai fita daga ladabi ba, sharaɗin ciniki ya cika.

Yana da kyau a fahimci abin da mai tambayar yake nema. Kafin a tallata gurbin aiki, akasari an riga an ware masa kuɗi a kasafi, da ƙasa da sama. Jami'in yana tambayarka ne domin abu biyu. Na farko, ya tace masu nema, ya cire waɗanda buƙatarsu ta wuce abin da aka ware, kada a ɓata lokaci. Na biyu, ya ga ko zai same ka a ƙasa da abin da aka ware. Wannan ba mugunta ba ce, aikinsa ke nan, kamar yadda mai saye ba ya fara tayi daga sama. Abin lura shi ne, lambar da ta fara fitowa daga bakinka ita ce turken da za a ɗaure sauran maganar. Da wuya ka ce dubu ɗari biyu su ce a'a, mun ga ka fi haka. Kuma ƙarin albashi na shekara-shekara kaso ne na abin da ka fara da shi, haka ma kuɗin fansho. Wanda ya shiga da ƙaramin albashi zai daɗe yana jan wannan ƙarancin a bayansa.

Kafin a je ga Turancin, sai an yi lissafi, domin jimla mai daɗi ba ta tsayawa idan babu lamba a ƙarƙashinta. A nan ne ma aka fi yin asara, kuma asarar tana ɓoye ne a cikin ƙananan kalmomi biyu da ake rubutawa a takardar ɗaukar aiki: "gross" da "net". Ta farko ita ce albashi kafin a cire komai, ta biyu ita ce abin da zai faɗo cikin asusunka a ƙarshen wata. Mai neman aiki yana tunani ne da ta biyu, domin da ita zai sayi gero. Kamfani kuwa yana magana ne da ta farko, domin ita ce a kasafinsa. Idan ka rubuta lamba tsurarta, kowa zai karanta ta yadda ta fi masa daɗi.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata matashiya ce da ta karanta aikin akanta, ta yi shekara huɗu tana riƙe da littattafan kuɗi na wani kamfani, tana zaune a Mabera, rabonta na kuɗin haya naira 400,000 ne a shekara. Wata ƙungiya ta neme ta a matsayin jami'ar kuɗi a ofishinta na Sakkwato. Ta zauna ta haɗa abinci, haya, kuɗin kabu-kabu ko man mota, kuɗin makarantar yara, wuta, da ɗan abin da take aika wa iyaye, ta ga cewa in dai ba naira 300,000 za ta riƙa shiga hannunta a wata ba, barin aikin da take yi bai da amfani. Waɗannan lambobi na misali ne, kowa ya sa nasa. Sai ta rubuta wa jami'ar cewa tana son 300,000, ba ta ƙara komai ba. Jami'ar ta yi murna, ta rubuta 300,000 a matsayin albashi kafin cire-cire.

Ga abin da zai faru. A shekara kuɗin ya kama naira miliyan 3.6. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, mai ɗaukar aiki kuma ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa. Ana lissafa wannan ne a kan ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri, amma domin sauƙi mu ɗauka su ne duka albashin. An cire 288,000 ke nan. Sai haraji. A ƙarƙashin sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a watan Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15, miliyan 9 da ke bayansu kuma kashi 18. Akwai rangwamen haya, kashi 20 na abin da mutum yake biya a shekara, muddin bai wuce 500,000 ba, wato ita za a rage mata 80,000 daga kuɗin da za a yi wa haraji. Idan aka bi wannan lissafi, harajinta zai kai kusan 372,000 a shekara. Abin da zai rage mata a wata bai wuce naira 245,000 ba. Ta nemi 300,000, an ce an ba ta, amma kowane wata akwai giɓin 55,000, a shekara 660,000, fiye da kuɗin hayarta gaba ɗaya. Kuma babu wanda ya cuce ta. Kalma ɗaya ce ba ta rubuta ba.

Idan aka juya lissafin, za a ga cewa domin 300,000 ta shiga hannunta, sai albashin kafin cire-cire ya kai wajen 375,000. A wannan matakin, duk naira ɗari da aka ƙara mata, kusan saba'in da biyar ne suke isa gare ta. To wannan 375,000 ita ce ƙasan da ba za ta sauka daga kai ba, kuma ba lambar da za ta faɗa ba ce. Ta ajiye ta a ranta, kamar yadda mai kaya yake ajiye kuɗin da ya saro. Abin da za ta faɗa ya fara daga sama da haka kaɗan, a ce 400,000 zuwa 450,000. Dalili kuwa shi ne, idan ka ba mai ɗaukar aiki lambobi biyu, ta ƙasan ce take shiga kunnensa. Don haka kada ka taɓa sa lambar da ba za ka yi farin ciki da ita ba a ƙasan. Kada kuma tazarar ta yi faɗi. Wanda ya ce daga 200,000 zuwa 500,000 bai ce komai ba.

Sai dai buƙatarka ba ita kaɗai ce ma'auni ba, kasuwa ma tana da nata. Idan masu irin aikin a garin suna karɓar 250,000, lissafin hayarka ba zai sa a ba ka 450,000 ba. Hanyar sanin farashi a Sakkwato har yanzu ita ce ta mutane: tsofaffin abokan karatu da suke aiki a bankuna, a kamfanin siminti na Kalambaina, ko a ƙungiyoyin agaji da na lafiya da suka yawaita a jihar. Ba a tambayar mutum nawa ne albashinsa, wannan ya saɓa wa al'ada. Ana cewa ne, "Yaya, wanda zai shigo a irin wannan matsayi a wajenku, daga nawa zuwa nawa ake fara ba shi?" Wannan tambaya mutane suna amsa ta ba tare da jin nauyi ba. A tambayi mutum uku, kada a tsaya kan ɗaya. Akwai kuma alƙaluman da kowa ya sani waɗanda suke nuna inda ƙasa take: mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a watan Yulin 2024, alawus ɗin masu hidimar ƙasa kuma ya zama 77,000. Wanda ya gama hidima aka taya shi a 60,000 ba ya buƙatar wani bincike kafin ya san tayin bai kai ba. A kuma yi hattara da tsohon labari. Albashin da wani ya gaya maka kafin cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya zama tarihi, domin a ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙididdigar hukuma.

Yanzu mu zo kan rubutun. Ni a ganina amsar farko da ta fi dacewa ita ce a mayar da tambayar cikin ladabi, a nemi su fara tayawa. Ga yadda matashiyar za ta rubuta:

"Dear Madam, thank you for considering me for the Finance Officer role in Sokoto. Could you please share the salary range approved for the position, and whether it is gross or net? I will confirm at once whether it matches my expectation."

Jimla uku ce. Ta farko godiya ce, a nan ladabin yake. Ta biyu tambaya ce kan abin da aka ware wa gurbin. Ta uku alƙawari ne cewa ba za ta ja musu rai ba. Idan sunan jami'ar yana cikin saƙon da ta aiko, a yi amfani da shi a gaisuwar, ya fi armashi. Wannan hanya ta fi aiki da manyan ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, domin yawancinsu suna da tsayayyen jadawalin albashi mai matakai, kuma faɗinsa ba wani sirri ba ne a wajensu. A wasu ƙasashe ma an mayar da shi doka. Tarayyar Turai ta amince a 2023 da wata ƙa'ida da ta wajabta wa masu ɗaukar aiki su sanar da mai nema albashin farawa ko iyakokinsa, ta kuma hana su tambayar abin da ake biyan sa a baya. Mu a nan ba mu kai can ba, amma wannan ya nuna cewa tambayar ba rashin kunya ba ce.

Sau da yawa za su ƙi, su ce kai dai faɗi naka. To a nan kada a sake kewaye-kewaye. An nemi su taya sau ɗaya, sun ƙi, maimaitawa zai zama gardama. Sai ta rubuta:

"Based on the duties listed and my four years in a similar role, my expectation is between N400,000 and N450,000 gross per month, excluding the employer's pension contribution, health insurance and field allowances. I would be glad to discuss the full package."

A duba abin da ke cikin wannan. Ta jingina lambar da aikin da kuma gogewarta. Ba ta ambaci tsadar rayuwa ba, ba ta ce tana da marayu a hannunta ba, ko da kuwa gaskiya ne. Mai ɗaukar aiki yana sayen aiki ne, kuma duk wanda ya kafa hujja da buƙatarsa ya mayar da kansa mai neman taimako, mai neman taimako kuwa abin da aka ba shi yake karɓa. Ta faɗi cewa kafin cire-cire ne, ta faɗi cewa a wata ne, domin wasu kamfanoni da shekara suke lissafi. Ta kuma ware kason fansho na mai ɗaukar aiki, saboda akwai masu cusa wannan kashi 10 da kuɗin inshorar lafiya cikin jimillar da suke nuna maka domin ta yi kauri a ido. Jimlar ƙarshe ita ce ƙofar da ta bari a buɗe, kuma ta fi kalmar "negotiable" nesa ba kusa ba, domin ta nuna a shirye take a tattauna ba tare da ta ce a rage ba.

A kuma duba abin da babu. Babu "please sir" sau uku, babu "I am sorry to say", babu "I humbly beg", babu "if it is possible". Wannan shi ne wurin da Bahaushe ya fi tuntuɓe a Turanci, kuma dalilinsa mai kyau ne. A harshenmu, girmamawa tana son tsawo: a yi gaisuwa, a tambayi iyali da gajiya, a yi ta "don Allah" da "in ba damuwa", sannan a kawo buƙata a hankali. Idan aka kwashe wannan aka zuba shi cikin wasiƙar aiki ta Turanci, ma'anarsa tana canjawa. Abin da muke nufi da girmamawa sai a karanta shi a matsayin tsoro. A Turancin ofis, ladabi yana cikin godiya ɗaya a farko, da "please" ɗaya inda ake neman abu, da rubutu mai tsabta, da amsawa a kan lokaci. Da zarar an ba shi wannan haƙƙi, sai a bar lambar ta tsaya ita kaɗai, kada a kewaye ta da ban-haƙuri. Haka kuma kada a zarce zuwa ɗaya gefen. Na ga masu rubuta "I cannot take anything less" tun a saƙon farko, kafin ma a gan su. Wannan rufe ƙofa ne, kuma wanda ake sa ran zai zauna da mutane a ofis ɗaya ba ya fara gabatar da kansa da barazana.

Saura rabin tambayar, wato abin da ake biyan ka yanzu. Wannan ya fi wahala, musamman a gari irin namu inda makarantu masu zaman kansu da ƙananan kamfanoni suke biyan masu digiri abin da bai taka kara ya karya ba. Idan ka faɗa, za su ɗora kashi ashirin ko talatin a kai su ce sun yi maka alheri, alhali gurbin an ware masa ninki biyu. Hanyoyi biyu ne kawai masu tsabta. Ko ka ƙi faɗa cikin ladabi, ka ce: "I would prefer to keep my current pay confidential, as the two roles differ in scope." Ko kuma ka faɗi gaskiya tare da duk alawus da ke ciki, ka ƙara da cewa abin da kake nema ya dogara ne da sabon aikin. Hanya ta uku, wato ƙara gishiri, kada a kusance ta. Ban da kasancewarta ƙarya, kamfanoni da dama suna neman takardar biyan albashi ta watannin baya kafin su ba da aiki, kuma Sakkwato ba ta da girman da magana za ta ɓata a cikinta. Wanda zai ɗauke ka yana iya zama sun haɗa sahu da tsohon maigidanka ranar Juma'a.

Akwai wata hujja da 'yan Sakkwato suke yawan ji daga bakin masu ɗaukar aiki na Kudu: ai rayuwa a can da arha. Akwai gaskiya a ciki, domin hayar gida a Arkilla ko Runjin Sambo ba ta kai ta Abuja ba. Amma ba duka ba ne. Man fetur da kayan masana'anta sai sun yi doguwar tafiya kafin su iso, kuma wanda bai taɓa kwana a garin a watan Afrilu ba bai san abin da wuta da ruwan sanyi suke ci ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne irin aikin. Idan gurbin ya ƙunshi fita zuwa ƙananan hukumomin gabashin jihar, irin su Isa da Sabon Birni da Goronyo, inda kowa ya san halin tsaro, to maganar ta wuce albashi. Dole a tambaya a rubuce: nawa ne alawus ɗin fita, wa ke ba da mota, akwai inshorar rai, kuma wa ke yanke shawarar a fasa tafiya idan hanya ta ɓaci? Bai kamata a yi musu da jami'in kan farashin tumatir ba. A mayar da shi kan nauyin aikin da kuma ƙarancin masu iya yin sa, domin wanda ya iya aikin, ya iya harshen mutanen, ya kuma san hanyoyin, ba kullum ake samun sa ba.

To a ce an yi ganawa, sun yaba, sai tayi ya zo: 330,000 kafin cire-cire. Da lissafin da muka yi, wannan zai bar mata kusan 268,000, ƙasa da abin da ta tsayar. Nan ne wurin albarka. Kada ta amsa nan take, ko da a waya aka faɗa mata. Ta yi godiya, ta nemi a aiko a rubuce, ta ce za ta amsa gobe ko jibi. Sannan ta rubuta:

"Thank you for the offer. I am keen to join the team, but N330,000 gross is below what I can accept for this role. If you can get to N390,000, I am ready to sign this week."

A wannan karon lamba ɗaya ta bayar, domin lokacin tazara ya wuce. Ta sauko daga 400,000 kaɗan domin a ga ta motsa, amma tana sama da 375,000 ɗinta. Jimlar ƙarshe ita ce mafi amfani, domin jami'ar ba ita ce mai kuɗin ba, sai ta je wajen na gaba da ita. Idan ta shiga ta ce "tana son ƙari", za a ce a duba wani. Idan kuwa ta ce "in mun ƙara dubu sittin za ta sa hannu a wannan makon", ta tafi da abin da za a iya amincewa da shi a zama ɗaya. Sai dai wannan alƙawari ne, alƙawari kuwa kaya ne. Idan suka kai 390,000, ba a sake cewa a ƙara.

Idan suka ce jadawalinsu ba ya motsi, wani lokaci gaskiya suke faɗa. A aikin gwamnati, kamar jami'a ko asibitin koyarwa, albashi yana bin mataki ne da aka tsara daga sama, babu ciniki a kansa, iyaka a tabbatar an ɗora mutum a matakin da takardunsa da shekarun aikinsa suka ba shi. A ƙungiyoyi masu jadawali ma, abin tambaya shi ne ko za a iya fara ta daga mataki na biyu ko na uku a cikin rukunin saboda gogewarta. Idan wannan ma bai yiwu ba, a nemi a rubuta cewa za a sake duba albashin bayan watannin gwaji, a sa wata da adadi. "Za mu duba nan gaba" da aka faɗa da baki ba ya shiga asusu, kuma jami'in da ya faɗa yana iya barin wurin kafin lokacin.

Ban manta ba cewa duk wannan ya fi sauƙi ga wanda yake da aiki a hannu. Wanda ya shekara biyu yana yawo da takardu, ga iyali, ƙarfinsa a ciniki kaɗan ne, kuma ba zan ce masa ya ƙi abin da ya samu ba. Da babu gara ba daɗi. Amma ko shi yana iya yin abu biyu da ba za su sa a janye tayi ba: ya tambaya ko lambar kafin cire-cire ce ko bayansa, ya kuma nemi ƙari sau ɗaya cikin ladabi. Kamfanin da ya ɓata makonni yana tantancewa har ya zaɓe ka, da wuya ya fasa saboda jimla ɗaya mai ladabi. In kuwa ya fasa saboda haka, ya nuna maka irin zaman da za ku yi.

Wani lokaci tambayar ba ta zuwa a saƙo, sai a cikin fom na intanet, akwati ɗaya da ba ya karɓar komai sai lamba. Kada a sa sifili, kada a sa lambar wasa, domin na'ura tana iya tace ka a kanta. A sa lamba daga tsakiyar abin da aka tsayar, a misalinmu 425,000, bayan an duba da kyau ko akwatin na wata ne ko na shekara. Idan na shekara ne, 5,100,000 za a rubuta. Idan akwai wurin ƙarin bayani a ƙasa, a rubuta "gross, monthly" ko "gross, annual", gwargwadon wanda aka cike.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.